Kalkuleta ta ba ni 68.2, littafi ya ce 111.8: saiti ne ko wani abu dabam?

Ɗaliba_Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a duba min wannan. An ba mu alwatika mai gefe uku, a = 5, b = 7, c = 10, aka ce a nemo dukan kusurwoyin. Na fara da dokar kosain, na nemo A, kalkuleta ta ba ni 27.66. Daga nan na koma dokar sain don in nemo C, na buga haka:

```
sin⁻¹(10 × sin(27.66) ÷ 5)
```

Sai ta ba ni 68.2. Amsar da ke bayan littafi kuwa 111.8 ce. Ƙawata ta ce saitin kusurwar kalkuletar ne ya goce, amma ban san yadda zan tabbatar ba. Ina matsalar take?

Sarkin_Sauri:
Wa alaikumus salam. Ƙawarki ta yi gaskiya, saiti ne. Duk lokacin da tirigonometiri ya ba ki amsar da ba ita ba, kalkuleta tana kan radiyan. Dubi can saman fuskarta, za ki ga ɗan ƙaramin harafi. In R kika gani ki mayar da shi D, shi ke nan.

Ɗaliba_Mai_Tambaya:
Na duba yanzu, D ne a wurin.

Sarkin_Sauri:
To ki goge komai ki sake. Wataƙila kin canza shi a tsakiyar aiki ba ki lura ba.

Malam_Lissafi:
Dakata kaɗan, Sarkin_Sauri, kada ta goge komai tukuna. Lambar da ta kawo ita kanta tana nuna cewa saitin lafiya lau yake, kuma ana iya gane haka ba sai an ga kalkuletar ba.

Da a kan radiyan take, aka buga wancan layin yadda ta rubuta shi, ba amsa za ta fito ba sam. Kalkuleta za ta ɗauki 27.66 a matsayin radiyan 27.66, wato an zagaya da'ira sau huɗu da ɗoriya. Sain ɗin wannan kusan 0.5764 ne. A ninka da 10 a raba da 5, ya zama 1.1528. Babu kusurwar da sain ɗinta ya haura 1, saboda haka abin da za ta gani a fuskar kalkuleta shi ne Math ERROR. Da kuma a kan giradiyan take, mai harafin G, kusan 63.7 za ta samu. Ita kuwa 68.2 ta samu, kuma wannan shi ne ainihin abin da digiri ke bayarwa.

Ɗaliba, yi min abu ɗaya: haɗa amsarki da amsar littafin ki gaya mana jimla.

Ɗaliba_Mai_Tambaya:
68.2 da 111.8… 180 cif, Malam!

Malam_Lissafi:
Yauwa. Nan maganar take. Kusurwoyi biyun da jimlarsu ta kai 180, sain ɗinsu ɗaya ne. Buga sin(68.2), sannan ki buga sin(111.8), duk za ki ga 0.9285. Lokacin da kika danna sin⁻¹, tambayar da kika yi wa kalkuleta ita ce wace kusurwa ce sain ɗinta 0.9285. A cikin alwatika amsoshi biyu ne ke iya shiga, ita kuwa an gina ta ne ta mayar da guda ɗaya tak, wadda ke tsakanin −90 da 90. Ko za a kwana ana dannawa, maɓallin sin⁻¹ ba zai taɓa nuna 111.8 ba, a kowace irin kalkuleta. Ke ce za ki duba alwatikar ki yanke hukunci ko ƙaramar za ki ɗauka ko ki cire ta daga 180.

Sarkin_Sauri:
Na ji, amma ni dai a abin da na saba gani, saiti ne ke kayar da yawancin mutane. Ba laifi ba ne a fara duba shi.

Malam_Lissafi:
Ko kusa ba laifi ba ne, shi ya kamata a fara dubawa. Inda ban yarda ba shi ne "duk lokacin da" ɗin nan da ka ce. In mutum ya ɗauka kowace matsala saiti ce, zai yi ta juya D da R, abin da ya same shi kuwa yana wani wuri.

Yar_Kimiyya:
Malam, ina da tambaya a kan wannan. A jarrabawa ai babu bayan littafi da za a leƙa. Ta yaya za ta san 68.2 ɗin ba ita ba ce, tunda ta yi kama da amsa sosai? Ni da na ga 68.2 wallahi rubutawa zan yi in wuce.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Ƙanwata, alwatikar da kanta za ta tona asiri in aka ci gaba da aikin. A ce ta karɓi C = 68.2. To B zai zama 180 a cire 27.66 a cire 68.2, wato kusan 84.1. Yanzu dubi abin da ya faru: B ta fi C girma. Amma gefen da ke fuskantar B tsawonsa 7 ne, wanda ke fuskantar C kuwa 10. A kowace alwatika gefen da ya fi tsawo shi ke fuskantar kusurwar da ta fi girma. Da an ga 7 yana kallon 84 alhali 10 yana kallon 68, an san akwai abin da ya karkace.

Akwai ma hanyar da za ki sani tun kafin ki taɓa kalkuleta. Ɗauki gajerun gefuna biyu, 5 sau 5 ya ba da 25, 7 sau 7 ya ba da 49, jimla 74. Dogon gefe kuma 10 sau 10, 100 ke nan. Tunda 100 ya fi 74, kusurwar da ke fuskantar dogon gefen ta wuce 90. Da jimlar ta yi daidai da 100, kusurwar 90 ce cif. Da ta haura 100, kusurwar ba ta kai 90 ba. Ana iya yin wannan da ka, kuma daga nan kin riga kin san cewa duk abin da sin⁻¹ ya ba ki, sai kin cire shi daga 180.

Yar_Kimiyya:
Na gode Yaya. Wannan na 74 da 100 ban taɓa haɗa shi da maganar ba.

Mai_Koyon_Dare:
Ni kuma jama'a na gwada nawa, ban samu 68.2 ba, ban samu 111.8 ba. 61.7 na samu. Na fara lissafa 0.9285 ɗin, na danna sin, na sa lambar, na rufe baka, sannan na danna maɓallin −1 ɗin. D ne a sama kuma. Ke nan amsoshi uku ne?

Yar_Kimiyya:
Wane maɓalli ka danna? Wanda aka rubuta x⁻¹ a kansa?

Mai_Koyon_Dare:
Shi fa. Ba shi ne ke sa −1 a sama ba?

Malam_Lissafi:
A'a ɗan'uwa, waɗannan abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba, rubutunsu ne kawai ya yi kama. Maɓallin x⁻¹ aikinsa ya raba 1 da abin da ke gabansa. Kai abin da ka sa kalkuleta ta yi shi ne ta nemo sain na kusurwa 'yar mitsitsiya, digiri 0.9285, wanda ya ba da kusan 0.0162, sannan ta raba 1 da shi, aka samu 61.7. Wannan lambar ba kusurwa ba ce ko kaɗan, sa'a ce kawai ta sa ta faɗo a inda ta yi kama da kusurwa, kuma shi ya sa kuskuren ke da haɗari.

Shi sin⁻¹ na gaskiya yana rubuce ne da ƙananan haruffa a saman maɓallin sin. A kalkuletocin Casio SHIFT ake fara dannawa sannan sin. A na TI kuma 2nd. A wasu wayoyi 2nd ne ko INV. In ka yi daidai, a fuska za ka ga −1 ɗin manne da sin kafin baka, ba bayan an rufe baka ba:

```
sin⁻¹(0.5)   →  30
sin(0.5)⁻¹   →  114.59
```

Gwada waɗannan biyun da hannunka. Na farko yana tambayar wace kusurwa ce sain ɗinta rabi, na biyu kuwa rabawa ce kawai.

Mai_Koyon_Dare:
Na gwada, haka ne Malam. To amma me ya sa masu lissafi suka rubuta su iri ɗaya? A littafinmu sin²x yana nufin sain sau sain. In haka ne, ai hankali zai ba mutum cewa sin⁻¹x ɗaya ne a raba da sain.

Malam_Lissafi:
Ƙorafinka yana kan hanya, rubutun bai bi ƙa'ida ɗaya ba, kuma ba kai kaɗai ya rikita ba. Shi ya sa wasu littattafai da yawancin manhajojin kwamfuta suke rubuta arcsin ko asin maimakon sin⁻¹. Amma a jikin kalkuleta haka za ka ci gaba da ganinsa, sai dai a riƙe bambancin.

Uwar_Yara_Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ɗaliba ba ce, ɗana nake taya aikin gida, kuma tamu matsalar saitin ce da gaske. Jiya ya buga sin 30, maimakon 0.5 sai ga −0.988. Ya ce kalkuleta ta lalace a sayo wata. Yayarsa ce ta ara ta yi aikinta da ita. Yaya ake mayar da ita? fx-991ES PLUS aka rubuta a jikinta.

Sarkin_Sauri:
Hajiya, wannan kam radiyan ne ba tantama, −0.988 ita ce shaidarsa. Kalkuleta lafiyarta ƙalau. A irin taku, ya danna SHIFT, sannan MODE, zai ga jeri ya fito. 3 shi ne Deg, 4 Rad, 5 Gra. Ya danna 3. Harafin R da ke sama zai koma D.

Masu fx-991EX kuma SHIFT ne sannan MENU, a zaɓi 2 wato Angle Unit, sannan 1. Masu tsofaffin nan na MS, MODE ake ta dannawa har sai Deg Rad Gra sun bayyana, a danna 1.

Uwar_Yara_Biyu:
Ya yi, 0.5 ta dawo. Allah ya saka da alheri. Amma yaron yana tambaya, ta yaya sain na 30 zai zama da alamar ragi? Na kasa ba shi amsa.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Hajiya, ki ce masa radiyan ɗaya babba ne, kusan digiri 57.3. Saboda haka radiyan 30 ya kai kusan digiri 1719. A zagaya da'ira sau huɗu an ci 1440, saura kusan 279. Kusurwar 279 tana ƙasan da'ira, ta ɗan wuce 270 inda sain yake −1, shi ya sa aka samu −0.988. Kalkuletar amsa daidai ta bayar, tambayar ce ta ji da wani ma'auni dabam.

Dogon_Nazari:
Ni hanyar da nake bi in tabbatar da saiti kafin in fara aiki, sai in buga sin 0. In ta ba ni 0, na san komai daidai.

Yar_Kimiyya:
Ɗan'uwa, wannan gwajin ba zai nuna maka komai ba fa. Sifili sifili ne a digiri, a radiyan, a giradiyan. Ko a wane saiti take 0 za ta ba ka.

Dogon_Nazari:
To sin 90 fa? Ya kamata ta ba da 1.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Wannan ya fi. A radiyan za ka ga 0.894, a giradiyan 0.9877. Sai dai ni na fi son sin 30, domin mai gaggawa yana iya ganin 0.9877 ya ce ai kusan 1 ne ya wuce. Da sin 30 kuwa lambobin sun rabu sarai: 0.5 a digiri, −0.988 a radiyan, 0.454 a giradiyan.

Kuma ku lura, cikin ukun nan giradiyan ya fi cutarwa, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Radiyan in ya ɓata maka aiki yakan yi ƙara: alamar ragi inda bai kamata ba, ko Math ERROR, ko kusurwa ta fito 0.48 a inda kake jiran ashirin da wani abu. Giradiyan kuwa ya raba da'ira gida 400 ne maimakon 360, bambancin kaɗan ne. A aikin Ɗaliba, da G ne a sama tun farko, A za ta fito 30.73 maimakon 27.66. Wa zai ga 30.73 ya yi zargin wani abu? Ga shi kuma harufan ƙanana ne, a fuskar da ta sha jiki D da G sai an ƙura ido.

Dan_Safiyo:
Gaskiyarka Injiniya. Mu a aikin awon ƙasa akwai na'urorin da ke iya nuna kusurwa da wannan ma'aunin na 400, gon ake rubutawa. In aka kwafo lambobi daga na'ura a gon aka zuba su a kalkuleta mai D, lissafin zai tafi sumul ba tare da wani gargaɗi ba, sai an zo rufe awo a ga bai haɗu ba.

Amma abin da ya fi damun yaran da nake koya wa aiki ɗan'uwan matsalar Ɗaliba ne, ta ɓangaren tan⁻¹. A ce wuri yana x = −3, y = 4, ana son kusurwarsa daga layin x. Yaro zai buga tan⁻¹(4 ÷ −3) ya samu −53.13. Wannan kusurwar tana nuna ƙasa ta dama, wurin kuwa yana sama ta hagu. Amsar gaskiya 126.87 ce, wato a ƙara 180. Dalili, da zarar ka raba 4 da −3, kalkuleta ba ta da hanyar sanin wanne ne ke ɗauke da alamar ragin. Ko x = 3, y = −4 ne, rabon ɗaya zai fito. Ni abin da nake sa su yi shi ne su bar tan⁻¹ su yi amfani da Pol, wanda a ES yake kan SHIFT da maɓallin tarawa:

```
Pol(-3,4)   →  r=5, θ=126.8698976
```

Shi yana karɓar x da y dabam-dabam, saboda haka ya san ɓangaren da wurin yake.

Mai_Koyon_Dare:
Ke nan cos⁻¹ ma yana da irin wannan matsalar?

Malam_Lissafi:
Yana da tasa iyakar, amma ta yi wa alwatika daidai. cos⁻¹ yana mayar da amsa tsakanin 0 da 180, kuma duk kusurwar cikin alwatika a nan take. Kosain na kusurwar da ta wuce 90 yana ɗauke da alamar ragi, don haka 68.2 da 111.8 ba sa rikicewa a wurinsa. Da Ɗaliba ta fara da babbar kusurwa:

```
cos⁻¹((5² + 7² − 10²) ÷ (2 × 5 × 7))
```

abin da ke ciki −26 ne a raba da 70, wato −0.3714, kuma 111.8 za ta fito kai tsaye. Bayan an samu babbar, sauran biyun dole ne su kasa 90, tunda alwatika ba ta ɗaukar kusurwa biyu masu wuce 90. A nan sin⁻¹ ba ya da inda zai ɓatar da ke. Shawarata ke nan ga mai gefe uku a hannu: fara da kusurwar da ke fuskantar gefe mafi tsawo, kuma da kosain.

Inda cos⁻¹ ke gazawa shi ne in an fita daga alwatika, kamar a ce a warware cos x = 0.5 daga 0 zuwa 360. Zai ba ka 60 ya yi shiru, 300 kai za ka nemo ta.

Dogon_Nazari:
In haka ne, ni a ganina a daina neman kusurwa da dokar sain kwata-kwata. A yi kosain sau biyu, a cire daga 180, an huta.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
In gefe uku ke hannunka, ban ƙi ba, ni ma haka nake yi. Amma ba kullum ake ba ka uku ba. Kuma akwai abin da nake so Ɗaliba ta gani, domin 68.2 ɗinta ba shirme ba ce. Layin da ta buga bai ƙunshi gefen 7 ba ko sau ɗaya. Abin da ta ba kalkuleta shi ne A = 27.66, a = 5, c = 10. Da waɗannan ukun kaɗai, alwatika biyu ake iya zanawa. Zana gefen 10, ki buɗe kusurwar 27.66 a ƙarshensa ɗaya ki ja dogon layi, sannan ki kafa tsinin kamfas a ɗaya ƙarshen da buɗin 5 ki ja. Zai yanki layin a wuri biyu. Yankan kusa yana kan 7, shi ne mai C = 111.8. Yankan nesa yana kan kusan 10.71, shi ne mai C = 68.2 da B = 84.1. Ita ta warware alwatika ta biyun ne, alhali tambayarta ta riga ta ce b = 7. Da tambayar ba ta ba da b ba, duka amsoshin biyu daidai ne, kuma wanda ya kawo ɗaya kawai ya bar rabin aiki.

Dogon_Nazari:
To ai ko a nan ana iya kauce wa sain. A sa b a dokar kosain, a samu lissafi mai b², a warware, 7 da 10.71 su fito tare. Ba sai an tuna da cirewa daga 180 ba.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Ana iyawa, kuma lambobin da ka faɗa za su fito. Sai dai ya fi tsawo, kuma ɗalibin da ya guji abin har abada bai fahimci dalilin da ya sa sin⁻¹ ke ɓoye amsa ɗaya ba. Gobe in aka ba shi sin x = 0.5 zai rubuta 30 ya manta da 150.

Dogon_Nazari:
Fahimta dabam, hanyar da za ka bi a ɗakin jarrabawa dabam. Ni dai ina nan a kan kosain.

Baƙon_Zaure:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, ban karanta duka ba. Ni dai abin da na sani, in lissafi yana da π a ciki, kalkuleta da kanta take gane radiyan ne, ba sai an canza komai ba. Don haka mai tambaya ta sa π a lissafin kawai.

Yar_Kimiyya:
A'a, ba ta ganewa. A wurinta π lamba ce kawai, 3.14159. Bar ta a D ka buga sin(π ÷ 6), za ka ga 0.00914 maimakon 0.5, domin ta ɗauka digiri 0.52 kake nufi. sin(π) ma 0.0548 zai ba ka, ba sifili ba. Ganin π a tambaya alama ce gare ka kai mai aiki cewa ka koma R. Kuma matsalar mai tambaya ba ta nan ba ce, duba bayanin Malam_Lissafi a sama.

Baƙon_Zaure:
To, na gwada, 0.00914 ɗin na gani. Amma a kwamfuta ban taɓa canza wani saiti ba kuma π yana aiki.

Dan_Safiyo:
Domin a can radiyan ne kullum. A Excel babu D ko R da za ka juya, in ka rubuta =SIN(30) irin −0.988 ɗin Hajiya za ka samu. Sai ka juya da kanka:

```
=SIN(RADIANS(30))
=DEGREES(ASIN(0.5))
```

Na farko 0.5, na biyu 30.

Ɗaliba_Mai_Tambaya:
Na gode ƙwarai, na fahimci inda 111.8 ta fito. Amma ga wani abu. Ƙawar tawa ta sake yin nata yanzu, ta cire daga 180 yadda aka ce, sai ta samu 105.4. D ne a tata ita ma, kuma SHIFT sin ta danna.

Malam_Lissafi:
In 105.4 ta samu, to 74.6 kalkuleta ta ba ta. Ce mata ta dubi layin da ta buga da kyau, ina kyautata zaton ba ta rufe baka bayan 27.66 ba. A irin waɗannan kalkuletocin, da ka danna sin ita ke buɗe baka da kanta, kuma duk abin da ka rubuta bayan nan yana cikinsa har sai ka rufe. Ga bambancin:

```
sin⁻¹(10 × sin(27.66) ÷ 5)   →  68.2
sin⁻¹(10 × sin(27.66 ÷ 5     →  74.6
```

A layi na biyu kusurwar aka raba da 5, ta koma 5.532, aka nemo sain ɗinta aka ninka da 10, ya ba da 0.964. Kalkuleta ba za ta yi ƙorafi ba, domin tana rufe bakan da aka bari a ƙarshen layi da kanta.

Ɗaliba_Mai_Tambaya:
Ta turo min hoton fuskar, haka ne Malam, babu baka bayan 27.66.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Tunda ana kan wannan layin, kada ku taƙaita A kafin ku sa ta a ciki. Wanda ya mayar da 27.66 zuwa 28 zai ƙare da C kusan 110.1, ya kauce da fiye da digiri ɗaya da rabi. Ko 27.7 ma 111.6 za ta ba shi. Dalili shi ne sain yana tafiya a hankali in an doshi 90, don haka ɗan canji a lambar yana zama babban canji a kusurwar da sin⁻¹ zai mayar. Ku yi amfani da maɓallin Ans mai dawo da amsar ƙarshe, lambar ta shiga da cikakken tsawonta.

Sarkin_Sauri:
Ni har yanzu shawarata ga mai shiga jarrabawa ita ce ya goge komai tun a bakin ƙofa. A ES, SHIFT, 9, 3, sannan =. Tana komawa Deg da kanta, an rabu da zancen wa ya ara wa ya canza.

Yar_Kimiyya:
A Casio haka ne. Amma kada mai TI-84 ya bi wannan ido rufe, ita in aka goge ta RADIAN take komawa. Kuma mu da muke kalkulas yanzu R muke buƙata kusan kullum, tsawon baka na da'ira ma s = rθ sai da radiyan yake aiki. In na goge ta koma D, ni cutar da ni aka yi.

Sarkin_Sauri:
To ke sai ki goge sannan ki sa R. Aƙalla kin san daga inda kika tashi.

Malam_Lissafi:
Gogewa tana share har lambobin da aka ajiye a ma'adana da sauran saituna, wasu ba sa son haka. Kuma takarda ɗaya tana iya haɗa tambayar digiri da ta radiyan, saboda haka saitin bakin ƙofa ba zai kai ka ƙarshen takarda ba. Ni na fi son a dubi harafin sama a farkon kowace tambaya mai kusurwa.

Sarkin_Sauri:
Wanda hankalinsa ya tashi a jarrabawa ba ya tuna duba harafi, Malam. Shi ya sa na fi yarda da abin da za a yi sau ɗaya.

Uwar_Yara_Biyu:
Ni dai na ce wa nawa su biyun, duk wanda ya karɓi kalkuletar daga hannun ɗan'uwansa ya fara buga sin 30 kafin komai.

Ɗaliba_Mai_Tambaya:
Na sake aikin daga farko da kosain: C = 111.80, sannan A = 27.66, B = 40.54, jimla 180. Tambaya ta gaba a littafin ta ba da A = 40, a = 8, b = 11 kawai, babu gefe na uku. sin⁻¹ ya ba ni B = 62.1. In na cire daga 180 ina samun 117.9, kuma 117.9 da 40 ba su kai 180 ba. Ke nan duka biyun zan rubuta, ko akwai abin da zan ƙara dubawa?

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Duka biyun, ƙanwata, sai fa in tambayar ta zo da zane ko ta faɗi irin kusurwar da take so. Ki nemo C da c na kowacce dabam: ta farko C = 77.9, ta biyu C = 22.1.